Yadda za ka sa layin bashin da ya wuce wa'adi ya yi ja da kansa a Excel

"Assalamu alaikum Malam. Ina da jadawalin Excel na mutanen da muke bi bashi, layi kusan ɗari uku. So nake duk wanda ranar biyansa ta wuce, layinsa gaba ɗaya ya yi ja da kansa. Na gwada `Highlight Cells Rules`, amma gidan kwanan wata kaɗai ke yin ja, har da na waɗanda suka riga suka biya, da wuraren da ban rubuta komai ba. A ina na yi kuskure?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba hannunka ba ne ya kuskure, kayan aikin da ka ɗauka ne bai kai girman aikin ba. Waɗancan ƙa'idoji da ke ƙarƙashin `Highlight Cells Rules` gida ɗaya suke kallo, kuma gidan da suka kalla shi suke shafa wa kala. Ba su san akwai wani wuri a gefe da ke nuna mutum ya biya ba. Abin da kake nema yana buƙatar ƙa'idar da kai za ka rubuta da fomula, kuma ba ta da wuya in ka gane yadda Excel ke karanta ta.

Bari mu kafa ƙaramin jadawali mu yi aiki a kansa, domin magana a iska ba ta zama. Layukan tsaye masu harafi a kai zan riƙa ce musu ginshiƙi, na kwance masu lamba kuma layi. A ce ginshiƙin A lambar rasit ne, B sunan mai bashi, C kuɗin da ake binsa, D ranar da ya kamata ya biya, E kuma abin da ya biya zuwa yanzu. Layi na 1 kanun jadawali ne, bayanai sun fara daga layi na 2. Mu ɗauka yau 15 ga Mayu, 2025. Na cire ginshiƙin suna a nan don kada ya cika wuri.

```
     A       C       D             E
2    R-101   40000   02-May-2025   40000
3    R-102   25000   09-May-2025   10000
4    R-103   60000   15-May-2025
5    R-104   18000
6    R-105   32000   20-May-2025
7    R-106   50000   28.04.2025
8    R-107   12000   01-Apr-2025
```

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka shi ne, Excel ba ya ganin kwanan wata yadda kake ganinsa. Lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900, wadda ita ce lamba 1. Ranar 1 ga Janairu, 2025 a wurinsa 45658 ce, 15 ga Mayu, 2025 kuma 45792. Saboda haka in ka ce masa ya duba ko rana ta wuce, abin da yake yi shi ne ya duba ko wannan lambar ba ta kai ta yau ba. Daga nan ne matsalar gidajen da ba ka rubuta komai ba ta fito: gidan da babu komai a cikinsa sifiri ne a wurin Excel idan ana kwatanta lambobi, sifiri kuwa bai kai 45792 ba, don haka sai ya ɗauke shi bashin da ya wuce wa'adi da shekara fiye da ɗari.

Yanzu ga yadda ake yi. Ka danna gidan A2, ka ja har zuwa E300. Ka tabbata daga A2 ka fara, ba daga ƙasa ba, ba kuma daga layin kanu ba. Zan faɗi dalili nan gaba. Sai ka je `Home`, ka shiga `Conditional Formatting`, ka zaɓi `New Rule`, sannan ka ɗauki na ƙarshe a jerin, wato `Use a formula to determine which cells to format`. A cikin akwatin ka rubuta wannan:

```
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<TODAY(),N($E2)<$C2)
```

Ka danna `Format`, ka shiga `Fill`, ka zaɓi ja mai haske wanda baƙin rubutu zai fito a kansa, ka danna `OK`. In Google Sheets kake amfani da shi, hanyar ita ce `Format`, sai `Conditional formatting`, ka sa `A2:E300` a `Apply to range`, ka zaɓi `Custom formula is`, ka rubuta fomular nan ɗaya ba canji. A wasu kwamfutoci, gwargwadon saitin yankin da aka yi musu, Excel ba ya karɓar waƙafi tsakanin sassan fomula, sai alamar `;`. In ya ƙi karɓa, wannan za ka fara dubawa.

Fomular tambaya uku ce a haɗe, kuma `AND` ba ya cewa e sai dukkan ukun sun ce e. Ta farko, shin abin da ke D kwanan wata ne na gaske, wato lamba? Ita ce ke kawar da gidajen da babu komai. Ta biyu, shin ranar ta wuce? Ta uku, shin abin da ya biya bai kai abin da ake binsa ba? Ita kuma ce ke cire waɗanda suka gama biya.

Mu bi jadawalin da ita. R-101 ranarsa ta wuce, amma 40000 ya biya cikin 40000, tambaya ta uku ta ce a'a, layin ya zauna fari. R-102 ya wuce da kwana 6, ya biya 10000 cikin 25000, ya yi ja. Wannan ne ya sa na fi son a kwatanta kuɗi da kuɗi maimakon a buɗe ginshiƙin da ake rubuta "an biya". Wanda ya ba da wani abu bai fita daga bashi ba, amma mai shigar da bayanai yana iya rubuta masa "an biya" da zuciya ɗaya, shi ke nan saura 15000 sun ɓace daga ido. R-103 yau ce ranarsa, kuma na yi amfani da `<` ne ba `<=` ba, don haka bai yi ja ba. Wanda yau ce ranarsa bai makara ba tukuna. Kada ka sa `NOW()` a madadin `TODAY()`, domin shi yana ɗauke da awa da minti, kuma da zarar sha biyun dare ta gota zai mai da na yau ja tun mutum bai tashi daga barci ba. R-104 babu rana, ya zauna fari. R-105 saura kwana 5. R-107 ya wuce da kwana 44, ya yi ja. R-106 kuwa ka riƙe shi a ranka, shi ne babbar maganar da nake so mu yi.

Kafin nan, alamar `$`. A nan ne mafi yawan mutane ke sarewa, kuma in ka gane ta sau ɗaya ba za ka sake neman kowa ba. Fomular da ka rubuta, Excel yana ɗaukar ta a matsayin ta gidan da ka fara zaɓa ne, wato A2. Daga nan sai ya zagaya da ita kowane gida a cikin yankin, yana matsar da ita kamar yadda yake yi in ka ja fomula ƙasa ko gefe. Abin da aka sa wa `$` a gaba ba ya motsi, abin da ba a sa wa ba yana tafiya. Da ka rubuta `$D2`, ka ɗaure harafin D ka saki lambar layi. Ma'ana, ko gidan A3 ne, ko B3, ko E3, duk D3 suke kallo, shi ya sa layin gaba ɗaya ke ɗaukar kala tare. In aka sauka layi na 4 kuma duk su koma kallon D4.

In ka manta alamar ka rubuta `D2` kawai, gidan A2 zai kalli D2 daidai, amma B2 zai matsa ya kalli E2, C2 ya kalli F2. Sai ka ga kala ta fito a ginshiƙin farko kaɗai, ko ta fito nan da can ba tsari. In kuma ka ɗaure duka biyun, `$D$2`, kowane gida a jadawalin D2 kaɗai zai kalla, sai dai duka su yi ja ko duka su zauna fari. Wannan na biyun yana yawan faruwa ne saboda in ka danna gidan da linzami maimakon ka rubuta da hannu, Excel da kansa yake sa `$D$2`. Danna `F4` sau biyu zai mai da shi `$D2`, amma ni na fi son in rubuta da hannu in huta. Ka kuma kula da makullan kibiya yayin da kake cikin wannan akwatin: maimakon su matsar da kai cikin rubutun, sai su riƙa cusa maka sunayen gidaje. Danna `F2` sau ɗaya yana gyara wannan. In kuma ka manta alamar `=` a farko, Excel zai lulluɓe dukan abin da ka rubuta da alamar zance ya mai da shi rubutu, ba zai yi maka gargaɗi ba, ƙa'idar kuma ba za ta taɓa aiki ba. In ka buɗe ta ka ga ta fara da `="`, ka share alamomin zancen nan biyu.

Dalilin da na ce ka fara zaɓa daga A2 ke nan. In ka zaɓi ginshiƙan gaba ɗaya daga layi na 1, alhali fomular tana maganar layi na 2, to layi na 1 zai ɗauki hukuncin layi na 2, na 2 ya ɗauki na 3, haka har ƙasa. Jan zai hau sama da layi ɗaya. Wannan ya fi rashin kala muni, domin jadawalin zai yi kyau a ido, sai ka ɗauki waya ka kira wanda ya riga ya biya, ka bar maƙwabcinsa na ƙasa. Hanyar dubawa ita ce `Manage Rules`: lambar layin farko da ke `Applies to` dole ta zo ɗaya da lambar da ke cikin fomula. In can `$A$2` ne, nan ma 2.

Akwai wata al'ada da nake so ka ɗauka tun yau, domin ita ce ke cece ni kullum. Kada ka fara rubuta fomula a cikin akwatin ƙa'ida. Ka fara sa ta a wani ginshiƙi da babu komai, a ce G2, ka ja ta ƙasa. Za ka ga `TRUE` da `FALSE` layi bayan layi, kuma in akwai kuskure za ka gan shi ƙiri-ƙiri. A cikin akwatin ƙa'ida kuwa, fomular da ta faɗa kuskure shiru kawai take yi, layin ya zauna fari kamar lafiya lau. Sai ka gamsu da abin da ginshiƙin G ya nuna, sannan ka kwafe ta zuwa ƙa'ida.

To, mu koma kan R-106. Ana binsa 50000, ranarsa 28 ga Afrilu, ya wuce da kwana 17, bai biya ko kaɗan ba, amma layinsa fari fat. Wanda ya shigar da ranar ya rubuta ta da ɗigo, `28.04.2025`, kuma a kwamfutar da ba a saita ta da wannan salon ba, Excel bai gane ta a matsayin rana ba, sai ya ajiye ta a matsayin rubutu. Ko da babu `ISNUMBER` a fomular, ba za ta yi ja ba, domin a ƙa'idar Excel duk wani rubutu ya fi kowace lamba girma idan aka kwatanta su, don haka ba zai taɓa zama ƙasa da ranar yau ba. Ko shekara goma za a yi, wannan layin ba zai canja kala ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da jadawali mai kala. Jan da ya fito inda bai kamata ba, kana gani za ka gyara. Amma da zarar mutum ya saba da cewa ja shi ne matsala, idonsa yana daina karanta fararen layuka. Na taɓa duba wani jadawali da aka yi watanni ana aiki da shi, masu shi sun amince da shi ɗari bisa ɗari, sai na tarar da layuka da dama ranakunsu rubutu ne, an kwafo su daga wani wuri an liƙa. Babu wanda ya bi waɗannan basussuka ko sau ɗaya, ba don sakaci ba, sai don jadawalin bai taɓa nuna su ba. Tun daga lokacin ba na kafa ƙa'idar ja ba tare da ta biyu a gefenta ba, wadda aikinta shi ne ta tona layin da ba a iya yanke masa hukunci:

```
=AND($A2<>"",NOT(ISNUMBER($D2)))
```

Ka ba ta ruwan toka, a kan yanki ɗaya da na farko. Ma'anarta, akwai lambar rasit a layin amma babu sahihiyar rana. A jadawalinmu za ta kama R-106 mai ranar rubutu, ta kuma kama R-104 da aka manta ba a sa masa rana ba. Layukan ƙasa da ba a fara cikawa ba ba za ta taɓa su ba, tun da A nasu babu komai. Duk ranar da ka buɗe jadawalin ka ga toka, ka fara da ita kafin ja.

Gyaran ranakun rubutu ba sai ka sake bugawa ɗaya bayan ɗaya ba. Ka zaɓi ginshiƙin D shi kaɗai, ka je `Data`, ka shiga `Text to Columns`, ka danna `Next` sau biyu, a mataki na uku ka zaɓi `Date` tare da `DMY`, ka danna `Finish`. Ko ba ƙa'idar toka ma ido yana iya gane su: in ba a taɓa daidaita zaman rubutun ba, lamba da sahihiyar rana suna jingina dama ne a cikin gida, rubutu kuma hagu.

Akwai kuma wata da ta fi wannan ɓoyewa, wadda ko tokar ba ta kamawa. In an saita kwamfuta da salon Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana, ka rubuta `09/05/2025` kana nufin 9 ga Mayu, ita za ta karanta 5 ga Satumba. Rana ce sahihiya, lamba ce, `ISNUMBER` zai wuce ta, amma bashin R-102 ba zai yi ja ba sai bayan kusan wata huɗu. Ranakun da suka haura 12 ne kaɗai ke tona asirin, domin babu wata na 25, sai Excel ya bar `25/05/2025` a matsayin rubutu. Saboda haka in ka ga rabin ranakunka sun jingina dama, rabi hagu, kuma na hagun duk daga 13 ne zuwa sama, to ka san na daman ma akwai waɗanda suka juye. Su `Text to Columns` ba zai gyara su ba, sai ka koma kan rasit ka sake shigarwa. Riga-kafin shi ne ka zaɓi ginshiƙin D, ka danna `Ctrl+1`, a `Custom` ka sa `dd-mmm-yyyy`, yadda sunan wata zai fito da haruffa. Mai bugawa yana gama rubuta 9 ga Mayu ya ga `Sep` ta fito, nan take zai farga. Kana iya ƙarawa da `Data Validation` ka ce ginshiƙin rana kaɗai zai karɓa, sai dai ka sani yana tare abin da aka buga da hannu ne, ba ya tare abin da aka kwafo aka liƙa.

Wancan `N` da na lulluɓe E da shi a fomular farko ma saboda irin wannan ne. In wani ya sa ɗan layi `-` a gidan biya don nuna ba a biya komai ba, ko ya bar sarari ɗaya da ba a gani, wannan rubutu ne, kuma rubutu ya fi lamba girma, sai Excel ya ɗauka mutumin ya biya har da ƙari, jan ya gushe. `N` yana mai da duk wani rubutu sifiri, layin ya ci gaba da zama ja har sai an sa kuɗi na gaske. In dai za a yi kuskure, gara ya karkata wajen da za a gani.

In kana son gargaɗi kafin ranar ta zo, ka ƙara ƙa'ida ta uku mai ruwan ɗorawa, ga waɗanda ranarsu ke tsakanin yau da kwana bakwai masu zuwa:

```
=AND(ISNUMBER($D2),$D2>=TODAY(),$D2<=TODAY()+7,N($E2)<$C2)
```

Daga 15 zuwa 22 ga Mayu ke nan, za ta kama R-103 da R-105. Waɗannan ukun ba sa karo da juna, domin layi ɗaya ba zai cika sharuɗɗan biyu daga cikinsu a lokaci guda ba. Karo yana zuwa ne in ka ce kana son ja mai duhu ga wanda ya haura kwana 30, domin R-107 mai kwana 44 ya cika sharaɗin ja mai haske da mai duhu duka. A nan wadda ke sama a jerin ƙa'idoji ita ke cin nasara, a Excel da Google Sheets duka, don haka mai tsanani za ka ɗora a sama. Excel yana sa sabuwar ƙa'ida a saman jeri, Google Sheets kuma a ƙasa, sai ka ja ta sama da kanka. Shawarata kada ka wuce kala huɗu. In rabin jadawali ya zama mai launi, ido ba ya sanin inda zai fara sauka.

Abin da kala ba za ta yi maka ba shi ne lissafi. Kana iya tace layuka da `Filter by Color`, amma babu fomula ta yau da kullum da za ta tara maka kuɗin jajayen layuka. Don haka in jadawalin na dindindin ne, ka buɗe ginshiƙin F don kwanakin jinkiri, ka sa wannan a F2 ka ja ƙasa:

```
=IF(AND(ISNUMBER(D2),N(E2)<C2),MAX(0,TODAY()-D2),0)
```

In ya fito maka da wata rana ta shekarar 1900 maimakon 6 ko 44, ka mai da tsarin ginshiƙin `Number`, lissafin daidai yake. Da wannan ginshiƙin, ƙa'idar ja ta koma `=$F2>0`, ta ja mai duhu kuma `=$F2>30`, gajeru waɗanda duk wanda ya gaji jadawalin daga hannunka zai karanta ya fahimta. Ka tuna ka faɗaɗa yankin ya kai F. Sannan kana iya jera layuka daga wanda ya fi daɗewa, ka kuma fitar da jimillar abin da ya makara:

```
=SUMIFS(C2:C300,F2:F300,">0")-SUMIFS(E2:E300,F2:F300,">0")
```

A jadawalinmu, kafin a gyara ranar R-106, wannan zai ba da 27000, wato 15000 na R-102 da 12000 na R-107. Bayan gyara zai koma 77000. Ɗigo biyu a cikin gida ɗaya sun ɓoye kusan kashi biyu cikin uku na bashin da ya makara.

Idan kuma wata rana ka so yin irin wannan ga kayan da suka kusa ƙarewa a sito, ginin ɗaya ne. A ce C yawan abin da ya rage, D kuma iyakar da in an kai ta sai a yi oda, fomular ita ce `=AND(ISNUMBER($C2),$C2<=$D2)`. Abin lura kawai shi ne kowane kaya ya samu tasa iyakar a layinsa, kada ka cusa lamba ɗaya kamar 10 a cikin fomula ta hau kan kowa. Kayan da ke fita guda 8 a rana, kuma oda ke ɗaukar kwana 5 kafin ta iso, zai cinye 40 kafin sabo ya zo, don haka iyakarsa 40 ce da ɗan ƙari na ko-ta-kwana. In ka jira ya sauko 10, kwana ɗaya da 'yan awoyi suka rage maka.

Saura abin da ke faruwa bayan wata biyu ko uku ana aiki da jadawalin. Ka tsaya a layi na 300, ranar da ka shiga na 301 babu tabbacin ƙa'idar za ta bi ka. Tun da fomulolinmu ba sa taɓa layin da babu komai, ba abin da zai hana ka kai `Applies to` har layi na 2000 tun yanzu, ka kuma faɗaɗa lambobin cikin `SUMIFS` haka. Ko kuma ka mai da jadawalin `Table` da `Ctrl+T`, shi yana faɗaɗa ƙa'ida da kansa duk sanda aka ƙara layi a ƙasansa.

Kwafa da liƙawa kuma suna yayyaga ƙa'ida. Duk gidan da ka kwafa yana tafiya da ƙa'idarsa, wanda ka liƙa daga wani fayil kuma yana iya shafe ta wurin da ya sauka. A hankali ƙa'ida uku sai su zama talatin, kowace da ɗan guntun yankinta, wasu layuka kuma su faɗa tsakani ba mai kula da su. Ka koya wa duk mai taɓa fayil ɗin ya riƙa liƙawa da `Paste Special` sannan `Values`. Kai kuma lokaci-lokaci ka buɗe `Manage Rules`, a sama ka zaɓi `This Worksheet` domin ka ga duka, ka share maimaitattu, ka mai da yankin waɗanda suka rage yadda yake tun farko.

Shi `TODAY()` daga agogon kwamfutarka yake ɗaukar rana, a Google Sheets kuma daga yankin lokacin da ke `File` sannan `Settings`. Yana sabunta kansa in an buɗe fayil ko an yi wani lissafi, sai dai in an sa `Calculation Options` a kan `Manual`, a nan sai ka danna `F9`. Wannan yana nufin kalar da ka gani yau ba ita za ka gani gobe ba, kuma in shugabanka ya ce ka nuna masa yadda basussuka suke a ranar ƙarshen watan jiya, `TODAY()` ba zai iya ba. Hanyar ita ce ka ware gida ɗaya, a ce H1, ka sa `=TODAY()` a cikinsa, sannan a dukan fomulolin ka maye gurbin `TODAY()` da `$H$1`. A nan ɗaure harafi da lamba duka shi ne daidai, domin kowane layi wannan gida ɗaya ake so ya kalla. Ranar da ake son rahoton 30 ga Afrilu sai ka buga ranar a H1, kwanakin jinkiri da kaloli su koma na wannan ranar, illa dai ginshiƙin E zai ci gaba da nuna biyan da aka yi har zuwa yau, don haka wanda ya biya a cikin Mayu zai fito fari ko da a ƙarshen Afrilu ana binsa. Da wannan gidan kuma za ka gwada aikinka kafin ka amince da shi: ka sa 16 ga Mayu ka ga R-103 ya tashi daga ɗorawa ya koma ja, ka sa 21 ga Mayu ka ga R-105 ya bi shi. In ka gama, ka mai da `=TODAY()` wurinsa, ka kuma rubuta "Ranar lissafi" a gidan G1 da ke gefensa, yadda duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga da wace rana ake auna shi.